Zuwa Ga Jidda, Kafin A Shafa Fatiha

Fagge, Kano
Asabar, 28 ga Disamba, 2024, bayan sallar asuba

Assalamu alaikum, Jidda.

Kin tashi lafiya? Ya gajiyar kamu, ya kuma sanyi? Ya Umma ta kwana?

Na san wayarki tana hannun Rumaisa tun ranar sa lalle, kuma duk saƙon da ya shiga sai ƙawaye sun riga ki gani. Shi ya sa na nemi takarda da biro, na ba Bashir ya kawo miki. Kin san shi, kin san abin da ke tsakaninmu. Tun muna makarantar allo allonmu wuri ɗaya ake jingine shi, kuma shi ya raka ni ƙofar gidanku ranar da na fara zuwa zance. Na ce masa kada ya ba kowa sai Rumaisa, ita kuma ta sa miki a hannu. In kin samu sarari ki shige ɗakin Umma ki karanta ke kaɗai.

Yanzu muka dawo daga masallaci. Hazo ya rufe gari, ko fitilar bakin layi da ƙyar ake hangowa. A tsakar gida su Inna sun ɗora tukwane tun kafin kiran sallar fari, hayaƙi ya cika ko'ina. Baƙin da suka zo daga Gumel jiya da dare suna ta barci a soro. Babbar rigata tana rataye a bayan ƙofa, ga hula a kan akwati. Kawu Lawan ya ƙirga sadaki sau biyu, naira 200,000, ya sa a ambulan ya soke a aljihun gaba. Goro da alawa da dabino suna cikin mota. Ƙarfe 11 za mu hallara a masallacin unguwarku. Kawu zai nema mini aurenki, Baffa Sani zai bayar, shaidu su shaida, liman ya yi addu'a a shafa. Abin ba zai wuce minti goma ba, Jidda. Shekara biyu da wata takwas muna jiran minti goman nan.

Ba ki zama matata ba tukuna, saura 'yan awanni. Ina so ki ji maganar nan kafin a ɗaura, domin ki riƙe ni da ita bayan an ɗaura.

Kin tuna damunar 2022, daren da ruwa ya malale Kantin Kwari? Wata huɗu ke nan da fara zuwa wurinki. Da gari ya waye na buɗe shago, ruwa har ƙwauri. Atamfofin da na jera a ƙasa duk sun sha, rini ya zuba daga wannan turmi zuwa wancan, wasu laka ta kama su. Rabin kayan ma ba nawa ba ne, bashi na ɗauko. Da yamma na zo ƙofar gidanku, ban ko canza wando ba. Na ce miki ki yi haƙuri, maganar turo manya sai dai a ɗaga. Ba ki ce uffan ba, kika shiga gida. Can sai ga ki da Umma, ta tsaya daga bayan labule ta ce in kwaso duk waɗanda suka ɓaci in kawo. Kwana tara kuna wanki kuna shanya a kan igiya da katanga. Inda rini ya ɓata kuka yanke, inda ya tsira Umma ta hau keken da Abba ya bari ta ɗinka rigunan yara. Ranar da na zo karɓa na ga hannunki, sabulu ya cinye tsakanin yatsunki har ya tsage, kina ɓoye shi cikin hijabi. Kuɗin rigunan bai biya bashin duka ba, amma da shi na fara zuwa wurin mai kaya na iya kallon idonsa.

Ban taɓa yi miki godiya yadda ya kamata ba. Na gode, Jidda. Allah Ya saka miki da alheri, ke da Umma.

Sai kuma abin da ya fi damuna. Bara, da Baffa ya aiko cewa in fito ko in ba wasu wuri, lokacin an sha wahalar canjin kuɗi, an cire tallafin mai, kasuwa ta mutu, ba ni da ko kuɗin akwati ɗaya na lefe. Kunya ta kama ni, na ɗauke ƙafa. Sati uku ban zo ba, ban kira ba, kiranki ma ina gani ina kifa wayar. A raina wai ina nema ne, sai na samu zan zo da magana. Ban yi tunanin abin da kike sha a cikin gida ba, ana tambayarki ina mutumin naki, ba ki da amsa. Bashir ne ya zo shago ya rufe ƙofa ya faɗa mini maganar da ban so ji ba, ya sa ni a gaba har Gwammaja. Kika fito idonki a kumbure. Abin da kika ce yana nan a kunnena: “Aminu, ni rashinka bai taɓa ba ni tsoro ba. Shirunka ne ke ba ni tsoro.”

Ranar na ce ki yi haƙuri, kika ce ya wuce. Amma ni a wurina bai wuce ba, don laifin nawa ne ni kaɗai, kuma na san hali ne da nake da shi, in abu ya yi mini nauyi sai in haɗiye. To ga alƙawarin da nake ɗaukar miki da safiyar nan, Allah ne shaida: ba zan ƙara yi miki irin wannan shirun ba. In akwai, za ki sani. In babu, daga bakina za ki ji, ba a bakin maƙwabta ba. In na ji haushinki zan faɗa miki a cikin ɗaki, ba zan fita da fushi in bar ki kina lissafin laifin da kika yi ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, za a saɓa ɗin, wannan ba makawa. In kin ga na fara komawa halina na da, ki ɗauko takardar nan ki ajiye mini kusa da kwanon abinci.

Na san yau ta fi miki nauyi a kaina. Ni daga Fagge zan koma Rijiyar Zaki, gobe in na ga dama in biya in gaida Inna kafin in wuce kasuwa. Ke kuwa ɗakin da aka haife ki za ki bari. Shekara shida tun rasuwar Abba, gado ɗaya kuke kwana da Umma, ke kike shafa mata man zafi a gwiwa, ke kika san lokacin maganin hawan jininta. Jiya Bashir ya ce da suka kai kayan kamu ya ga Umma tana dariya da mutane tana share ido da bakin mayafi. In an zo fitar da ke da yamma, ki yi kukanki, kada ki ji nauyin kowa. Ki sani dai ban zo in raba ki da ita ba. Daga Rijiyar Zaki zuwa Gwammaja tafiyar adaidaita ce. Da zarar kin gama kwanakin amarci manya sun ba ki izinin fita, duk Juma'a in na sauko daga masallaci zan kai ki ki yini. Na kuma zauna da Sadiya na rubuta mata lokutan maganin a kwali, ta liƙa a jikin firji.

Na so a ce Abba ne zai ba da ke yau. Ban san shi ba, sai ta bakinki da bakin mutanen layinku, waɗanda har yanzu in sun nuna gidanku cewa suke gidan Malam tela mai cika alƙawari. Na yi masa addu'a a sujadar asuba, kuma na roƙi liman ya ambace shi in an zo addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Maganar makarantarki tana nan yadda na faɗa a gaban Baffa. Shekara ɗaya ta rage miki, za ki ƙarasa, in kuma aikin asibiti ya zo da kwana, za mu san yadda za mu yi. Na faɗa wa Inna tun da wuri, ta ce ita ma tana son a ce surukarta ce ke karɓar haihuwa.

Gidan kuma, su Gwaggo sun gama jere shekaranjiya, sun kulle ɗakin sun hana ni leƙawa, don haka ke za ki riga ni sanin yadda ya yi. Ɗaki ne da falo da kicin, ba babba ba ne, haya ce kamar yadda kika sani. Na gyara famfon, na sa raga a tagogi saboda sauro. A bayan kicin akwai 'yar ƙasa da ba a yi wa siminti ba. Kin taɓa cewa gidan da babu zogale ba ki ganinsa kamar gida. Na yanko reshe daga na tsakar gidanmu na dasa tun watan jiya, kullum da yamma in na taso kasuwa ina biyawa in zuba masa ruwa. Duk da hunturun nan ya yi toho, ganye bakwai na ƙirga jiya.

Cikin ambulan ɗin za ki ga maƙulli ɗaure da jan zare. Na ƙofar gidan ne. Biyu aka ba ni, wannan naki ne. Akwai kuma 'yar kwalbar turare, irin wanda kika ce ƙamshinsa na tuna miki da rigar Abba ta Juma'a. Na sha yawo kafin in same shi.

Don Allah ki ci wani abu kafin gida ya cika, ko kunu ne. Na san ki, in hankalinki ya rabu sai ki yini da ruwa kawai, kuma yau yinin da tsawo. Ki sa rigar sanyi a ƙarƙashin lulluɓi in za a taho da ke, iskar dare a can ta fi ta cikin gari kaifi.

Da daddare in abokai sun rako ni, ke ce za ki yi shiru sai an sayi baki. Ki ja musu rai yadda kike so, Bashir ya shirya. In kowa ya watse, mu yi alwala mu yi raka'a biyu, in ɗora hannuna a kanki in roƙa mana alheri. Daren jiya na karanta ayar nan ta 21 cikin Suratur Rum, inda Allah Ya ce Ya halitta mana matan aure domin mu natsu gare su, Ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakani. Ita nake ta maimaitawa. Ina son ki, Hauwa'u. Ban iya faɗa da baki sosai ba, kin sani, amma zan koya.

Bashir zai tsaya a soro kamar minti goma kafin ya wuce ɗauko kujeru. Ba sai kin rubuta komai ba. In kin karanta, kuma kin yafe mini sati ukun nan har zuciyarki, ki kwance jan zaren ki ba Rumaisa ta miƙa masa. Maƙullin ki riƙe. Zaren zan sa shi a aljihun rigata in tafi da shi masallaci.

Ki gaida Umma, ki ce ina neman albarkarta.

Naki,
Aminu