Takardar Tambayoyi: Horon Ajiyar Wake a Buhu Mai Hawa Uku, Ɗanbatta

Kada ku rubuta suna. Lambar da kuka zaro a ƙwarya ita za ku sa a saman takarda, safe da yamma. Malamin horo zai fita waje, sakatare ne zai karɓa. Wanda ba ya karatu ya kira mai taimako ya karanta masa, amma ban da raɗa amsa. "Ban sani ba" amsa ce, kuma ba ta hana kuɗin mota.

KASHI NA ƊAYA (kafin a fara)

1. Bara, da me kuka ajiye wakenku? Duro, buhu da magani, toka ko barkono, ko sayarwa kuka yi tun kaka? Da kuka buɗe, me kuka tarar?

2. A buhun PICS, wato buhu mai hawa uku, me ke kashe ƙwaron wake?
(a) maganin da aka shafa wa ledar
(b) rashin iska
(c) zafin ɗaki
(d) ban sani ba

3. Kun hura leda ta ciki, kun ji iska na fita ta ɗan ƙaramin huji. Wake na jira a ƙasa, kasuwa sai jibi. Me za ku yi?

4. Maƙwabci ya ce a jefa ƙwayar magani ɗaya a ciki don kwanciyar hankali. Me za ku ce masa, kuma don me?

5. Yaya za ku gane wake ya bushe har ya isa ajiya?

KASHI NA BIYU (bayan La'asar)

Ku sake amsa 2 zuwa 5. Takardar safe tana hannun sakatare, ba dubawa.

6. Wane abu kuka zo da shi a ranku da safe, yanzu kuka ga ba haka yake ba? "Komai ya yi kyau" ba ya cikin lissafi.

7. Ina aka bar ku a baya? Dole a zaɓi ɗaya, ko da malam ɗan'uwanku ne: duba huji, fitar da iska, ɗauri, ko wurin ajiya.

8. Aikin hannu. Ga buhu, ga wake kwano 10, ga igiya. Ku zuba ku ɗaure, ba wanda zai tanka. Mai dubawa zai lura ko an sa leda cikin leda cikin buhu, ko an matse iska kafin a murɗa baki, ko an ɗaure kowane hawa daban, sannan ko an ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓera.

9. Me zai hana ku yin haka a gida? Tsadar buhu, rashinsa a kasuwarku, bashin da ke sa a sayar tun kaka, ko maigida ne ba zai yarda ba?

Bayan wata 3 sakatare zai zo gidajen mutum 5 da ƙuri'a ta faɗa wa, ya ga buhun da idonsa.