Zuwa ga Hajara da angonta, Injiniya Kabiru

Assalamu alaikum.

Mu abokan aikinki na sashen kuɗi muna taya ku murnar ɗaurin aurenku. Hajara, mun san haƙurinki a ƙarshen wata, lokacin da lissafin albashi ya ƙi daidaita, ke ce mai zama har bayan Magariba kina bin takardu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɓata rai ba. Injiniya, ka yi dace da mace mai riƙon amana, muna roƙon ka riƙe mana ita da kyau.

Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuri'a ɗayyiba, Ya kaɗe fitina. Ki huta sosai, aikinki yana hannunmu har ki dawo.

Naku,
Alhaji Sani, Hajiya Binta, Malam Auwalu, Zainab, Nura, Ladi, Baba Isa direba, da sauran ma'aikata