Watan Salla a Nima

Hafsatu ko kokonta ba ta gama sha ba ta ajiye kofin, ta yi waje. Azumi 29 ke nan yau. A bakin lungunsu na unguwar Nima da ke Accra, Ghana, ta ɗaga kai yamma, wajen da rana ta faɗi, amma hadarin da ya taso daga teku ya rufe sama ruf.

Ta dawo da gudu. "Baba, an gani?"

"Haba uwata, yanzu fa aka yi magariba. Sai Babban Limami ya faɗa."

Ya ci gaba da murɗa rediyonsa, yana ta shuu kamar ana suyar ƙosai. Ita kuwa ta leƙa ɗaki ta sake shafa sabuwar atamfarta da tela ya kawo jiya, har yanzu da zanen alli a bakin hannun rigar. Lallen da Inna ta ƙunsa mata ya kama ja wur. In ba a gani ba fa? Sai an ƙara kwana guda, sai an sake tashi sahur, alhali cikinta tun la'asar yake kuka.

Aka kira isha. Maza suka tsaya a ƙofar masallaci cirko-cirko, ba wanda ya san ko za a yi tarawi.

Can wayar Yaya Sani ta yi ƙara. Ya kasa kunne, ya ɗaga hannu. "An gani a Tamale! Ofishin Babban Limami Malam Sharubutu ya tabbatar!"

Hafsatu ta yi tsalle har takalminta ɗaya ya faɗa kwata. "Inna! Inna! A jiƙa shinkafa, gobe Salla!"