Takardar Atisaye ta Uku: Lissafin Adadin Magani da Sauya Ma'auni

Ɗaliban haɗa magunguna, aji biyu, Daura. Lokaci: minti 40.

Ku yi aikin a littattafanku. An yarda da kalkuleta, amma duk lambar da aka rubuta ba ma'auni a gefenta, ko daidai ce ba zan ba ta maki ba. A rubuta 0.5, ba .5 ba, a rubuta 5, ba 5.0 ba, don ɗigon lamba yakan ɓace a takardar da ta sha aljihu. Akwai tarko a kowace tambaya, kuma ɗaya daga cikinsu ba lamba ce amsarta ba. Amsoshi suna ƙasa, a naɗe takardar kafin a fara.

Abin tunawa:

```
1 g = 1000 mg     1 mg = 1000 mcg
1 L = 1000 mL     1 kg = 2.2 lb
1% = 1 g/100 mL = 10 mg/mL
```

TAMBAYOYI

1. Wata uwa daga Sandamu ta kawo yaro mai kilo 12. An rubuta masa farasitamol 15 mg/kg kowane sha, sau huɗu a rana, kwana uku. A jikin kwalba an rubuta 120 mg/5 mL, kwalbar kuma 60 mL ce. Mililita nawa zai sha kowane lokaci, kwalba nawa za a ba ta? Ta ce, "Ɗan nan, cokali nawa ke nan?" Me za ka ce mata?

2. Yarinya mai kilo 18, amoksisilin 50 mg/kg a rana, a raba gida uku. Ruwan maganin 250 mg/5 mL ne. Nawa ne sha ɗaya?

3. Wani dattijo ya zo da takardar likita daga Damagaram, an rubuta digoksin 0,125 mg kullum. Ƙwayar da ke kanta 250 mcg ce, na ruwa kuma 50 mcg/mL. Ƙwaya nawa? In ba ya iya haɗiya, mililita nawa?

4. Damina ce, ɗakin yara ya cika. An kwantar da yara biyu da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ɗaya kilo 14, ɗaya kilo 25, za a yi musu allurar atesunet. Kwalba ɗaya tana da hodar 60 mg. Ana fara narkar da ita da 1 mL na ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da ita, sannan a ƙara ruwan gishiri: 5 mL in ta jijiya za a yi, 2 mL in ta tsoka. Lissafa miligiram da mililita na kowane yaro ta jijiya. In an rasa jijiyar ƙaramin aka koma tsoka, nawa za a ja? Ban faɗi adadin kowane kilo ba da gangan, mun yi shi a aji.

5. Za a ɗinke wa wani ɗan acaɓa mai kilo 60 rauni a ƙwauri. Lidoken 2% ne, marar adirenalin, kuma an ce kada a wuce 3 mg/kg. Iyakar mililita nawa?

6. Ledar ruwa 500 mL za ta shiga cikin awa huɗu. Ɗigo nawa a minti in igiyar mai ɗigo 20 ce a kowane mililita? In ta yara ce mai ɗigo 60 fa?

7. Tsohon sikeli ne mai layi biyu, wanda ya auna ya rubuta 154 lb. An rubuta jentamaisin 5 mg/kg sau ɗaya a rana, 'yar kwalbar kuma 80 mg/2 mL. Mililita nawa, kwalba nawa za a fasa?

8. Hajiya mai ciwon suga tana yin yunit 18 na insulin mai ƙarfin 100 IU/mL. Mililita nawa ke nan? Sirinjinta ya ƙare, jikanta ya sayo mata wanda aka yi wa insulin mai 40 IU/mL, ta ja har layin 18. Yunit nawa ta yi wa kanta?

9. Yaro mai kilo 10, takarda ta ce farasitamol 1.5 g kowane awa shida. Kwalba 120 mg/5 mL. Nawa za ka ba shi?

AMSOSHI

1. 180 mg, wato 7.5 mL. Sha goma sha biyu ya kama 90 mL, sai kwalba biyu. Wanda ya samu 1.5 ya manta cewa 120 mg ɗin a cikin 5 mL yake. Batun cokali kuwa, na gida ba ma'auni ba ne, kowane da girmansa. A ba ta sirinjin baki ko murfin awo, a nuna mata layin da yatsa, ta auna a gabanka.

2. 900 mg a rana, 300 mg kowane sha, 6 mL. Mai 18 mL ya ɗura wa yarinya na yini guda a lokaci ɗaya.

3. A Nijar da waƙafi ake raba lamba inda mu muke sa ɗigo, saboda haka 0,125 mg shi ne 0.125 mg, wato 125 mcg: rabin ƙwaya, ko 2.5 mL. Mu da muke bakin iyaka irin wannan takarda ba baƙuwa ba ce, kuma digoksin magani ne da tazarar da ke tsakanin warkarwa da guba a cikinsa ƙanƙanuwa ce.

4. Wannan ce mafi maki, don ita za ku fi gamuwa da ita daga Yuli zuwa Oktoba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: yaron da bai kai kilo 20 ba 3 mg/kg, daga kilo 20 zuwa sama 2.4 mg/kg. Ƙaramin 42 mg, babban 60 mg. Haɗin jijiya 60 mg ne cikin 6 mL, ba cikin 5 ba, ruwan farko ma yana cikin lissafi. Ƙarfinsa 10 mg/mL. Ƙaramin 4.2 mL, babban 6 mL, kwalba guda cur. Haɗin tsoka 60 mg cikin 3 mL, 20 mg/mL, ƙaramin zai samu 2.1 mL. Wanda ya haɗa na tsoka amma ya rubuta 4.2 mL ya ninka maganin. Wanda ya ba ƙaramin 2.4 mg/kg kuma ya rage masa, kuskuren da ba a ganinsa nan take, shi ya sa ya fi ba ni tsoro. Kuma abin da aka narkar ba a ajiye shi don allura ta gaba bayan awa 12, sabuwar kwalba ake haɗawa.

5. 2% yana nufin 20 mg/mL. 180 mg, 9 mL.

6. Awa huɗu minti 240 ne. Ɗigo 42 a minti, bayan an cike 41.7, tunda ba a ƙirga rabin ɗigo. Igiyar yara 125. A duba ledar igiyar tukuna, a nan aka rubuta lambar.

7. Kilo 70, 350 mg, kowane mililita 40 mg, saboda haka 8.75 mL, kwalba biyar. Wanda ya ɗauki 154 a matsayin kilo ya kai 770 mg, maganin nan kuwa ƙoda da kunne yake taɓawa.

8. 0.18 mL. Layin 18 a wancan sirinji 0.45 mL ne, ta yi yunit 45, ninki biyu da rabi. Suganta zai iya faɗuwa warwas. Duk wanda ya sayar da sirinjin insulin bai tambayi wace kwalba ake amfani da ita ba, da hannunsa a ciki.

9. Ba za ka ba shi ba. Lissafi zai kawo 62.5 mL, fiye da kwalba guda a sha ɗaya, 150 mg/kg, ninki goma na abin da ya dace. Wataƙila 150 mg ake nufi, amma ba kai za ka gyara da biro ba. Riƙe takardar, nemi likitan da ya rubuta, ya gyara ya sa hannu. Wanda ya rubuta 62.5 mL ya yi shiru, ko ya ci sauran takwas ɗin, ya same ni a ofis ranar Alhamis bayan azahar mu sake ta tare.