Takardar Lissafin Kaya da Neman Biya, Lamba 0147

Daga: Shagon kayan gini, layin 'yan rodi, Kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano
Zuwa: Kwamitin gyaran makarantar Islamiyya, Unguwar Kurna, Kano
Rana: Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Wannan takarda ta maye gurbin rasit ɗin hannu da aka rubuta ranar 9 ga Oktoba, wanda ma'ajin kwamiti ya ɗauki hotonsa ya turo mana.

Kayan da aka ɗauka
1. Siminti, buhu 40, kowane ₦8,200: ₦328,000
2. Rodi mai milimita 12, guda 25, kowane ₦9,500: ₦237,500
3. Kwanon rufi, bandir 3, kowane ₦68,000: ₦204,000
4. Ƙusa 'yar inci uku, kilo 10, kowane ₦1,800: ₦18,000
5. Wayar ɗaurin rodi, naɗi 1: ₦22,000

Jimillar kaya: ₦809,500
Kuɗin mota da lodi: ₦25,000
Ragin da mai shago ya yi wa makaranta: ₦9,500
Jimilla gaba ɗaya: ₦825,000
Kafin alƙalami da aka karɓa ranar 9 ga Oktoba: ₦300,000
Abin da ya saura: ₦525,000, wato naira dubu ɗari biyar da ashirin da biyar

Harajin kashi 7.5 cikin ɗari yana cikin farashin, ba za a sake ƙara shi ba.

Gyara biyu
A hoton, adadin rodi ya faɗa daidai inda takarda ta lanƙwashe, har 25 ɗin ta yi kama da 28. Mun duba kwafin da ya rage a littafin shago, direban da ya kai kayan ma ya tabbatar: 25 ne.

Na biyun ya fi nauyi. Yaron shago ya rubuta jimillar kaya ₦799,500, alhali in an tara layi biyar ɗin nan ₦809,500 ake samu. Ya tsallake dubu goma wajen tarawa, ga alama rana ce ta cunkoso. Ba farashi muka ƙara ba, kowa na iya ɗaukar biro ya tara da kansa. Kuskuren namu ne, a yi mana afuwa.

Sharuɗɗan biya
Za a biya sau biyu, kamar yadda aka yi magana da shugaban kwamiti: ₦300,000 zuwa ranar 28 ga Oktoba, sauran ₦225,000 zuwa ranar 11 ga Nuwamba, 2024.

A tura kuɗin asusun shago da aka saka kafin alƙalami a ciki, a rubuta 0147 a wajen bayani. Wanda ya kawo tsaba kada ya tafi sai da rasit mai hatimi.

Babu ƙarin ko sisi saboda jinkiri, amma ba za a saki wani kaya bashi ba sai an kammala wannan. Siminti in ya bar shago ba ya dawowa. Rodin da ba a yanka ba muna karɓa cikin kwana bakwai.

Akawun shago ne ya rubuta, mai shago ya duba ya buga hatimi.