Sanarwar barin shago mai lamba 7 kafin wa'adin haya ya cika

Litinin, 30 ga Yuni 2025

Zuwa ga Baba Alhaji, mai ginin shagunan da ke Zoo Road, Kano

Assalamu alaikum Baba, da fatan an wuni lafiya, ya iyali ya kasuwa. Ni ne Auwalu mai atamfa da shadda na shago mai lamba 7 a ƙasa. Na rubuto ne in sanar da kai a rubuce kamar yadda agiriman ɗinmu ya ce, zan bar shagon ranar Talata 30 ga Satumba 2025 in Allah ya kai mu.

Agiriman ɗin da muka sa hannu a ofishin lauyanka na shekara uku ne, daga 1 ga Janairu 2024 zuwa 31 ga Disamba 2026, to amma sashe na 9(b) ya ce in ɗan haya ya cika shekara guda kuma ba a bin sa bashin haya zai iya fita kafin lokaci matuƙar ya ba da notis na wata uku a rubuce. Da wannan sashen nake ba da notis ɗin nan, shi ya sa ma na kawo yau ban bari an shiga Yuli ba don wata ukun ya cika cif. Hayar bana naira 1,200,000 na biya tun Janairu, rasit yana hannuna, kuɗin maigadi da na shara ma ba a bi na ko sisi.

Baba wallahi ba wani abu aka yi min ba, kar ka ɗauka ko akwai matsala tsakanina da maƙwabta. Harkar ce ta koma sari, yawancin kwastomomina yanzu 'yan Maraɗi da Damagaram ne kuma su in sun shigo Kano a Kwari suke sauka su yi lodi su juya, ba mai ƙarasowa Zoo Road, kullum sai dai in ɗora kaya a adaidaita in bi su can. Na samu shago a Kantin Kwari kuma gaskiya ba zan iya riƙe haya biyu ba.

Abin da ya fi damu na shi ne kar in fita in bar maka shago a kulle, kai da ka yi min haƙuri lokacin da kayana suka maƙale a hanya, don haka na nemo wanda zai shiga. Malam Nasiru ne, mai takalma da jakunkuna na mata, tare muka taso a unguwa, na san gidansu na san mu'amalarsa, mutum ne da ba ya wasa da haƙƙin mutane kuma sana'arsa ba ta da hayaniya ko ƙazanta, ba injin da zai ja wuta ya dami sauran shaguna. Ya zo ya ga wurin, ya karanta agiriman ɗin, ya yarda ya karɓi sauran wa'adin har ƙarshen 2026 a kan sharuɗɗan da ke ciki, zai kawo masu tsaya masa mutum biyu da rasit ɗin inda yake haya yanzu ka duba da kanka. Na san sashe na 11 ya hana ni miƙa shago ga kowa sai da amincewarka a rubuce, don haka ban karɓi ko kwabonsa ba kuma ban yi masa alkawari ba, na ce masa maganar tana hannunka. In bai kwanta maka ba ko kana da naka mutumin shi ke nan, notis ɗina dai yana nan daram.

Sai maganar kuɗi. Daga Oktoba zuwa Disamba wata uku ne da na riga na biya, naira 300,000 kenan, kuma 9(c) ya ce ana mayar da ragowar ne in sabon ɗan haya ya shiga. In ka amince da shi, shi sai ya ba ni wannan kuɗin a gabanka a rubuta, kai ba sai ka fitar da komai ba, a Janairu ya biya ka hayar shekara kai tsaye. Kuɗin ajiya naira 150,000 kuma sai bayan an zagaya an duba shagon, in akwai ɓarna a cire a ba ni saura.

Kantocin katako da fankoki biyu nawa ne zan kwashe, ƙofar gilas da tayil ɗin da na sa kuwa na bar su a shagon. Zan sake fenti in toshe ramukan ƙusa kafin in miƙa makulli da katin mita.

In da hali ina so in kawo Malam Nasiru gida ranar Asabar 5 ga Yuli bayan la'asar ku gana. Don Allah Baba a sa hannu a kwafi na biyun a ba yaron da ya kawo, shaidar takardar ta iso yau, na kuma aika wa lauya nasa kwafin.

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Naka,
Auwalu, shago mai lamba 7