Takalmi a Bakin Kusugu

Wasan kwaikwayo na ɗaliban aji 5, domin ranar ba da kyaututtuka. 'Yan wasa 30, minti 20.

Ga malaman da za mu yi gwaji tare

Ranar da na ce za mu yi labarin Bayajidda, yara maza 11 suka ɗaga hannu, kowa shi ne Bayajidda. Shi ya sa na rage masa baki. Ai baƙo ne, an ce ma sunansa daga "ba ya ji da" ya fito. Maganar sai na raba wa mutanen gari. Ba wanda zai zama bishiya ko katanga: duk yaron da ya hau dandamali akwai abin da in bai faɗa ba wasan zai tsaya. Wutsiyar maciji a ba yaron da ya fi kowa kunya, don shi zai fi samun tafi.

Maciji yara 5 ne, wato Kai, Wuya, Ciki, Gadon Baya da Wutsiya, cikin zannuwa da aka ɗinke, kowa da kafar fito da kai. Doki yara 2 ne a ƙarƙashin bargo. Rijiya tsohuwar taya ce a naɗe da tabarma, wuƙa kuwa ta kwali. Ba mu da lasifika, saboda haka mai magana ya tako gaba, ya fuskanci iyaye.

Fitowa ta 1: Bakin rijiya

*(Makaɗi ya buga ganga sau uku.)*

SANKIRA: Jama'a a saurara! Mai goyo ta lallashi goyonta, mai gyaɗa ta sauke tire! Yau Daura za mu kai ku, ba kuɗin mota!

MAI LABARI NA 1: Ga ta nan, ga ta nanku.

KOWA: Ta zo mu ji ta!

MAI LABARI NA 1: A zamanin da mata ke sarautar Daura, gari duka rijiya ɗaya gare shi, sunanta Kusugu.

MAI LABARI NA 2: Tana nan har gobe a cikin birnin Daura, Jihar Katsina, an gine ta, baƙi na zuwa kallo. Amma a wancan lokaci akwai mai gadi a ciki.

*(Maciji ya fito, ya naɗe rijiya.)*

KAI: Ni ne Sarki! Ba a ɗiban ruwa sai Juma'a!

WUYA: Mun faɗa, mun ƙara: sai Juma'a.

CIKI: Ni dai a yi a gama, yunwa nake ji.

GADON BAYA: Ku matsa mana, a kan dutse kuka kwantar da ni.

WUTSIYA: Wai me ke faruwa a gaba? Ni ba a taɓa gaya mini komai.

*(Mata uku da tuluna, Kande na biye.)*

JUMMAI: Yau Talata, randata ta bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki.

LARAI: Ke kin ji daɗi. Ni ruwan da na wanke gero da shi na yi wa yaro wanka, na ba akuya ragowar, ta shinshina ta juya mini baya.

ASABE: Ku rage murya, yana jinmu. Bara Tanko ya zura guga ran Lahadi, har yau igiyar kawai muka gani.

KANDE: Inna, ƙishirwa nake ji. Don me ba za mu roƙe shi ba? *(Ta matsa.)* Baba maciji, moɗa ɗaya kawai.

KAI: Fssss! Sai Juma'a!

*(Mata suka ja Kande, suka gudu.)*

Fitowa ta 2: Maƙera a Gaya

MAI LABARI NA 2: Ana nan, sai wani baƙo ya taso daga gabas. An ce daga Bagadaza yake. Ya zauna Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas wajen Haɗeja, ya iso Gaya.

*(Bayajidda na jan doki. Maƙera na aiki, Makaɗi na bin masaba da ganga.)*

GABAN DOKI: Tun daga Barno muke tafe, ko dusa ba a ba mu ba.

BAYAN DOKI: Kai ko hanya kana gani. Ni ƙura kawai nake sha.

SARKIN MAƘERA: Sannu da zuwa, baƙo. Fartanya kake so, ko lauje?

*(Bayajidda ya kwatanta wuƙa da hannu.)*

ƊAN MAƘERI: Baba, ba ya jin magana tamu. Wuƙa yake nufi, doguwa, mai baki biyu. Dubi yadda yake sara iska.

SARKIN MAƘERA: To, ɗauko awartaki. Kai kuma ba wuta iska!

MAI ZUGA: Kullum a ce maƙeri ya iya, maƙeri ya iya. In na saki zuga-zugin nan, gawayi ya mutu, mu ga abin da masaba za ta daka a kan uwar maƙera!

*(Ya daina. Ganga ta tsaya, kowa ya daskare.)*

SARKIN MAƘERA: Yi haƙuri, ɗan'uwa. Zuga.

*(Aiki ya ci gaba. Aka miƙa wuƙa.)*

BAYAJIDDA: Na... gode.

Fitowa ta 3: Dare a gidan Ayana

DELU: Kaka! Kaka! Ga wani mutum a ƙofa da wata dabba, kamar sa amma ba sa ba, ba ƙaho ba tozo!

GABAN DOKI: Sa? Ni?

AYANA: Baƙon dare ba a korarsa. Shigo, ɗana, ga tabarma.

BAYAJIDDA: Ruwa.

AYANA: Wayyo ɗan nan, ka tambayi abin da babu. Da tuwo ka ce, da na kankare maka ƙanzo. Ruwa a garin nan sai Juma'a.

BAYAJIDDA: Guga.

AYANA: Ka rufa mini asiri! Kada gari ya waye a ce Ayana ta tura baƙonta lahira.

DELU: Kaka, ba shi. Igiyar ni na tufka ta da kaba, ba za ta tsinke ba. Zan nuna masa hanya, daga nesa.

*(A rijiya. Ya zura guga, Kai ya cafke.)*

KAI: Wane mai tsautsayi ne da tsakar dare?

WUYA: Kai, sake gugar nan, ana jan mu sama!

CIKI: Kada ka saki, ƙila abinci ne!

GADON BAYA: Igiyar nan ba irin ta kullum ba ce!

*(Ganga na ƙara sauri. Bayajidda ya ɗaga wuƙa. Duka ɗaya, shiru. Kai ya cire hular maciji, Bayajidda ya sa ta a jaka, ya ɗebi ruwa ya shayar da doki. Takalminsa ɗaya ya zame, bai lura ba.)*

BAYAN DOKI: A miƙo baya mana, mu ma da rai!

WUTSIYA: Ya na ji shiru? Wuya, ina Kai?

WUYA: Babu.

WUTSIYA: To, yau ni ne gaba. Kowa ya juya, a bi ni!

*(Maciji ya ja da baya-baya, ya zube a gefen rijiya.)*

Fitowa ta 4: Fadar Daurama

MAKAƊI: *(yana kiɗa)* Taka lafiya, Magajiya, uwar gari! Rumfa sha shirgi! Inuwarki ta ishe mu, ruwa kawai ya rage!

DOGARI: Gyara kintsi! A zauna! Mai tari ya haɗiye abinsa!

JAKADIYA: Ranki ya daɗe, na fita da asuba na ga abin da ban taɓa gani ba. Sarki na kwance a wajen rijiya, ƙudaje na binsa.

DAURAMA: Jakadiya, ido na ruɗi. Galadima, je ka gano mana.

MAKAƊI: Babba tomo ƙashin gari!

*(Galadima ya yi taku uku, ya leƙa, ya dawo da gudu.)*

GALADIMA: Ranki ya daɗe, na je har kusa, kusa ƙwarai. Barci yake. Shawarata a bar shi ya huta.

KAURA: A ba ni izini. *(Ya je, ya taɓa da sanda, ya ɗaga zane.)* Wane irin barci ba kai? An sare shi! Ga kuma takalmi ƙafa ɗaya.

*(Mata suka rangaɗa guɗa.)*

DAURAMA: Sankira, a gaya wa gari: wanda ya yi wannan aiki, rabin Daura nasa ne.

SANKIRA: Kun ji! Rabin gari! Banda turereniya!

MAHAUCI: Ni ne, ranki ya daɗe. Sara ɗaya, kamar na raba haƙarƙari. Ga kan.

JAKADIYA: Sarkin Fawa, wannan ai kan akuya ne.

LARAI: Akuyata!

MAHARBI: Ni na harbe shi daga kan kuka, cikin duhu, ido ɗaya a rufe.

KAURA: Kibiya ce ke yanke kai? Sa takalmin mu gani.

*(Ƙafa ta ƙi shiga. Yana ɗingishi.)*

WANZAMI: Ni aski na je yi masa, ya motsa, aska ta zarce. Tsautsayi ne, amma rabin garin ina so.

DOGARI: Maciji da gashi? Koma ka zauna!

DAURAMA: A kira Baduku.

BADUKU: *(ya juya takalmi, ya shinshina)* Ranki ya daɗe, duk takalmin da ke garin nan hannuna ya bi ta kansa. Wannan ba jimarmu ba ce, ba ɗinkinmu ba. Mai shi daga nesa ya zo, kuma jiya ya zo, ga jar ƙasar hanya ba ta kaɗe ba.

DAURAMA: Wa ya sauki baƙo jiya?

*(Shiru. Ayana na ɓuya bayan Asabe.)*

DELU: Mu ne! Kaka, faɗa mana!

AYANA: Ranki ya daɗe, guga kawai na ara masa. Da safe na ga randata cike, na ɗauka mafarki nake.

*(Dogari ya shigo da Bayajidda, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya sa, ya zauna daram. Ya fito da kai daga jaka.)*

KOWA: Makas-Sarki! Makas-Sarki!

DAURAMA: Baƙo, alkawari kaya ne. Rabin gari naka.

*(Bayajidda ya girgiza kai, ya raɗa wa Jakadiya.)*

JAKADIYA: Iye! Ranki ya daɗe, wai ba ya son rabin gari. Wai... mai garin yake so.

GALADIMA: Dama na hango haka.

DAURAMA: Wannan magana ta manya ce, sai an zauna. Yanzu dai wa ya ƙera wuƙar?

MAƘERA: *(daga bayan 'yan kallo)* Mu ne, daga Gaya!

MAI ZUGA: Da iskata!

DAURAMA: A ba su goro. Ayana, gugarki ce za ta fara shiga rijiya.

MAI LABARI NA 1: An dai yi auren, aka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano.

MAI LABARI NA 2: Da Biram ta Garun Gabas, ita ce cikon Hausa Bakwai. Ƙurunƙus...

KANDE: Tsaya! Ni fa tun fitowa ta ɗaya nake jin ƙishirwa!

JUMMAI: Yau wace rana ce ma?

ASABE: Laraba.

*(Kowa ya dubi maciji. Wutsiya ya fito da kai, ya duba hagu da dama.)*

WUTSIYA: Ni aka tambaya? To... ku ɗiba.

*(Ayana ta ja guga, Daurama da kanta ta miƙa wa Kande moɗa. Ta shanye, ta miƙa a ƙara. Ganga. Duk su 30 su jeru, Sankira ya kira sunan kowane yaro, ya tako gaba ya rusuna. Doki ya yaye bargo, Bayan Doki ya fara gaisuwa.)*